Shirin kai-tsaye na sayar da atamfa: yadda ake tsara shi har a yi ciniki

"Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a gida a Tudun Wada da ke Kaduna, kuma shafina na Facebook yana da mabiya kusan 2,000. Sau biyu ina yin shirin kai-tsaye, mutane su shigo su yi sallama, kowa 'nawa ce?', sai su fita. Ko turmi ɗaya ban sayar ba. Ga Sallah na matsowa. Don Allah yaya zan tsara shi?"
Maman Hanifa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Maman Hanifa. Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Mai kallon shirin kai-tsaye ba ta fara shi tare da ke. Tana cikin zazzaga waya ne ta faɗo a tsakiyarsa, wataƙila a minti na goma sha bakwai, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan za ta yanke ko ta tsaya ko ta wuce. Idan abin da ta tarar shi ne tarin atamfa a kan gado da mace tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, tambaya ɗaya ce ta rage mata, wato farashi. Da ta ji shi ta gama da ke, domin atamfa irin wannan ta san za ta same ta a Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci, kuma a can za ta taɓa da hannunta. Abin da ba za ta samu cikin sauƙi a kasuwa ba shi ne wanda zai zauna ya koya mata yadda za ta gane kaya mai kyau. Nan ne ƙarfinki yake, kuma a kansa za ki gina shirin gaba ɗaya.

Saboda haka ki zaɓi darasi guda ɗaya tak, ki sa shi ya zama sunan shirin. A wurin mai atamfa ban ga wanda ya fi wannan ba: "Yadda za ki gane atamfar auduga da ta roba, da wadda za ta zuba, kafin ki ba tela." Duk macen da ta taɓa ɗinka kayan Sallah suka koɗe a wanki na biyu za ta tsaya ta ji.

Gwajin da za ki nuna

Kwana biyu ko uku kafin shirin ki tanadi ƙyallaye. Kada ki yanki turmin sayarwa, domin yadi shida da aka gutsure ya zama ragi. Telanki yana da ragowar yanka da yawa, ki karɓi na auduga zalla, da na roba, da wanda aka gauraya, kowanne kamar faɗin tafin hannu biyu. Daga cikin kayan da za ki sayar kuma ki samu ƙyallen aƙalla guda biyu, ko da daga wanda kika ɗinka wa kanki ne, domin gwajin da bai taɓa kayanki ba ba zai sayar miki da komai ba.

Gwajin wuta shi ne ya fi ɗaukar ido. Ki zare zare kaɗan daga bakin ƙyallen, ki murɗa su, ki riƙe da ɗan hantsakin cire gira a saman faranti na ƙarfe, ki kunna ashana. Auduga tana kamawa nan take, tana warin takardar da ta ƙone, ta bar toka mai laushi wadda idan kika murza a yatsa za ta zama gari. Roba tana noƙewa tun wutar ba ta taɓa ta ba, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri da ba ya murzuwa. Wadda aka gauraya za ta ba ki toka mai tsakuwa-tsakuwa a ciki. Masu kallo ba sa jin wari, don haka tokar ce shaidarki: ki jira ta huce, ki murza ta a kan farar takarda, ki kawo takardar daf da kyamara ki riƙe ta cak har ki ƙirga biyar a zuciyarki, saboda waya tana ɗaukar lokaci kafin ta daidaita hoton abin da ke kusa. Ki kashe fanka lokacin gwajin, kofin ruwa na gefenki, kayan sayarwa kuma su yi nesa da farantin. Narkakkiyar roba tana manne wa fata, kada ki taɓa ta da zafinta.

Gwajin zuba shi ne zai riƙe miki mutane, idan kika yi masa dabara. Tun a farkon shirin ki sa ƙyallaye biyu a kofunan gilashi biyu da ruwa da ɗan sabulu, ki ajiye su a inda kyamara ke ganinsu, ki ce sai nan da rabin awa za a duba. Duk wadda ta shigo za ta ga kofunan, ta tambayi mene ne, kuma da yawa za su so su ga ƙarshensa. Kafin lokacin ya yi, ki nuna ɗan gajeren gwajin: farin hankici mai danshi, a goga a kan zanen kamar sau goma, a duba. Amma ki faɗa musu gaskiyar lamarin, cewa launi mai duhu, ja da shuɗi mai duhu musamman, yakan saki ragowar rini a wankin farko ko da atamfar mai kyau ce. Wadda ake gudu ita ce wadda ruwanta ke ci gaba da rinewa a wanki na biyu da na uku, ko wadda launinta ke hawa kan farin da ke jikinta.

Na uku ba ya buƙatar komai sai shiri. Ki wanke ƙyalle ɗaya ki shanya tun jiya, ki haɗa shi da ɗan'uwansa da ba a wanke ba. Atamfar da sitati ne ke ba ta jiki, da ta sha ruwa sai ta saki ta yi shara-shara, har ki ga haske ta cikinta idan kika ɗaga ta gaban fitila. Mai jiki na gaske tana yin laushi amma kaurinta na nan.

Waɗannan gwaje-gwaje suna nuna irin zaren da ingancin rini, ba sa tabbatar da kamfanin da ya yi atamfar. Juya zane a ga ko baya da gaba launinsu ɗaya ma alama ce kawai, tunda yanzu ana buga na kwaikwayo fuska biyu, har rubutun bakin zanen ana kwaikwaya. Kada ki yi rantsuwa a kan abin da gwaji bai nuna ba, kada kuma ki kama sunan wata mai sayarwa ko wani shago ki ce kayansu jabu ne. Kuma idan kina sayar da ta roba, ki ce ta roba ce, ga kuɗinta, ga amfaninta: ba ta yamutsewa sosai, tana saurin bushewa, amma tana da zafi a jiki lokacin bazara. Wannan maganar ita ce za ta sa a yarda da ke idan kika ce wata auduga ce.

Kayan da za ki fito da su da yadda za a saya

Kada ki kwaso duk abin da ke cikin ɗaki. Zane goma sha biyu sun isa shirin minti 45. Ki kasa su gida uku bisa farashi, masu sauƙi huɗu, matsakaita huɗu, manya huɗu. Kowanne ki manna masa kati mai lamba da farashi, da babban rubutu na maka baƙa, daga 1 zuwa 12. Da wannan katin tambayar "nawa ce?" ta mutu, kuma an huta da "waccan mai ruwan ganyen da kika ɗaga ɗazu", alhali masu ruwan ganye uku ne. Ki kuma rubuta a takarda adadin turmin da kike da shi na kowace lamba. Ki lura da cewa kyamarar gaba a wayoyi da yawa tana juya rubutu kamar madubi, sai lambar ta fito a birkice. Kyamarar baya ba ta da wannan matsalar, kuma ta fi fito da zane sosai, don haka da ita za ki yi.

To idan kyamarar baya ce, ba za ki ga abin da ake rubutawa ba. Wannan ne ya sa shirin ba na mutum ɗaya ba ne. Kina buƙatar mataimakiya, ƙanwarki ko babbar 'yarki, zaune a gefe da waya ta biyu da littafi. Ita za ta karanta miki tambayoyi da murya, ta rubuta wadda ta yi kamu, ta goge saƙon 'yan talla da masu maganar banza. Mai gabatarwa da ke sunkuyawa tana ƙifta ido a kan waya tana karanta saƙo, tana yanke maganarta kowane minti, kuma a wannan shirun ne mutane ke fita.

Hanyar saye ta zama ɗaya, kuma gajeriya. Mai so ta rubuta "NA KAMA 7", mataimakiya ta rubuta sunanta a littafi, ita kuma ta danna mahaɗin WhatsApp da aka maƙala a saman saƙonni domin a kammala. Mahaɗin yana da wannan siffar, lambar wayarki ba tare da sifirin farko ba:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Ki gwada shi daga wata wayar kafin ranar. Ki sanya ƙa'ida ki faɗe ta a fili: kamu yana tsayawa zuwa ƙarfe 12 na ranar gobe, wadda ba ta biya ba sai ya koma ga ta biyu a littafi. Idan mutum biyu suka kama turmi ɗaya, abin da ya fara bayyana a wayar mataimakiya shi ne hukunci. Ki faɗi wannan tun farko, domin kowace a wayarta tana iya ganin nata saƙon ne ya riga, kuma rigima a bainar jama'a tana kore masu saye.

Kada ki karanta lambar asusunki a shirin, kada kuma ki bari masu saye su rubuta lambobin wayarsu a fili. Akwai masu zama suna kallo, su ga wadda ta yi kamu, su bi ta da saƙo da sunan shagonki da wani asusun daban. Ki riƙa maimaita cewa ba za ki fara tura wa kowa saƙo ba, kuma sunan da ke kan asusunki kaza ne. Ke ma kada ki saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat, sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin sun zauna.

Game da rangwame, ki yi lissafi a takarda kafin ki buɗe baki. A ƙaddara ribarki a turmi naira 2,000 ce. Idan zafin shiri ya ɗebe ki kika rage 1,500, kin sayar da turmi goma a kan ribar 5,000, wadda data da kai kaya za su cinye. Ya fi ki bar farashi yadda yake ki ba da abin da kin san kuɗinsa, misali kai kaya kyauta a cikin garin Kaduna ga wadda ta ɗauki turmi biyu a daren. Kuɗin aike ki tambayo shi tun kafin shirin, ki rubuta shi gida-gida: na kusa irin su Unguwar Sanusi da Badikko, na nesa irin su Barnawa, Rigasa da Kawo, da na saka wa a mota zuwa Zariya ko Kano. Za a tambaye ki, kuma "sai na bincika" tana sanyaya ciniki.

Yadda minti 45 ɗin za su tafi

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaman jiran mutane, a kunna a yi ta "bari mu jira su shigo". Waɗanda za su kalli bidiyon daga baya da wannan zaman za su fara cin karo, kuma ba za su jira ba. Da kin kunna, ki yi sallama, ki faɗi sunanki da abin da za a koya, ki jiƙa ƙyallayen a kofuna, cikin minti uku an shiga aiki.

Daga nan shirin zagaye uku ne, kowanne kamar minti 12 zuwa 13, kuma kowanne yana da abu uku a jere: gwaji, tambayoyi, kaya huɗu. Zagayen farko gwajin wuta, ki amsa tambaya biyu ko uku, ki nuna lamba 1 zuwa 4. Na biyu gwajin sitati da na hankici, tambayoyi, lamba 5 zuwa 8. Na uku a koma ga kofunan, sannan manyan, 9 zuwa 12. Dalilin wannan tsari shi ne duk lokacin da mutum ya faɗo, ba zai yi minti goma ba sai ya ga kin koyar, ya ga kin amsa, ya ga abin saye. Idan kika tara darasi a farko kika bar ciniki a ƙarshe, waɗanda suka ji darasin sun tafi, waɗanda suka zo ƙarshe kuma ba su ga abin da zai sa su yarda da ke ba. A farkon kowane zagaye ki sake faɗin ko ke wace ce da yadda ake kamu, cikin jimla biyu. Ke za ki ji kamar kin cika maimaici, amma yawancin masu kallon a lokacin ne suka fara ji.

Kowane zane ki ba shi kamar minti ɗaya da rabi. Ki warware shi yadi ɗaya ko biyu domin a ga yadda zanen ke maimaituwa, tunda a naɗe ba a gane girman fure, ki matso da shi, ki juya bayansa, ki faɗi irin ɗinkin da zai karɓa da launin mayafin da zai shiga da shi. Mai manyan zane ya fi kyau a doguwar riga ko zani da riga, inda tela ba zai daddatsa furen ba, mai ƙananan zane kuma yana jure ɗinki mai yanka da yawa. Irin wannan bayanin shi ne ke nuna kin san sana'arki.

Tambayoyi kuwa kada ki dogara da waɗanda za su zo a lokacin. Ki duba tsofaffin saƙonninki ki fitar da guda biyar da aka fi yi miki, mataimakiya ta riƙe su, idan wuri ya yi shiru ta jefo ɗaya, ke kuma ki ce tambaya ce da ake yawan aiko miki. Ki maimaita kowace tambaya da bakinki kafin ki amsa, ki kira sunan mai ita. Ki kuma sani cewa abin da kika faɗa yana isa wurin masu kallo ne bayan wasu daƙiƙoƙi, don haka idan kika ce "wa ke son lamba 6?" kika ji shiru, kada ki ajiye ta nan take, ki ci gaba da bayani a kanta har saƙonni su iso. Minti biyar na ƙarshe ki bi lambobin da suka rage da sauri, ki faɗi ranar shiri na gaba, ki yi sallama a kan lokacin da kika yi alkawari.

Waya, murya, haske da lokaci

Saurin intanet da ya dame ki shi ne na turawa, ba na saukewa ba, kuma layi yana iya buɗe bidiyo da gudu amma ya kasa tura shi. Ki buɗe fast.com a daidai ɗakin da daidai lokacin da za ki yi shirin, ki danna Show more info, ki duba adadin da ke ƙarƙashin Upload. Ki nemi 5 Mbps ko sama. Idan 1 ko 2 ne, zanen atamfa zai dagule ya zama dabbare-dabbare duk lokacin da kika motsa shi, domin hoto mai ƙananan zane ya fi cin data. Ki gwada wani layin ko ki matsa kusa da taga. Bidiyon da ke tafiya a kan 3 Mbps yana cin kusan 1.35 GB a awa ɗaya, don haka ki tanadi 3 GB saboda gwaji da wayar mataimakiya.

Kiran waya yana katse shiri. Mafi aminci ki sa wayar ɗauka a kan Airplane mode, ki kunna Wi-Fi, ki jona ta da wata wayar ko ƙaramar na'urar intanet. Ki cika caji, ki jona fawa bank, ki cire rigar wayar domin zafi yana sa ta rage gudu ko ta kashe kyamara. Wayar ta zauna a kan mazauni mai ƙafa uku, a tsaye, ba a hannun kowa ba.

Mutane suna haƙuri da hoto mai rauni fiye da murya mara fita. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga yana raba muryarki da ƙarar janareto da ta yara. Idan damina ce kuma ɗakin ba shi da silin, ruwa a kan kwano zai shafe ki gaba ɗaya, ki zaɓi wani ɗakin. Kada ki kunna waƙa a bayanki, saboda Facebook yana iya toshe sautin bidiyon a kan haƙƙin mallaka.

Haske a wurinki maganar amana ce, domin kwan fitila mai ruwan ɗorawa yana mayar da shuɗi kamar kore, kaya su isa a ce ba shi aka gani ba. Ki yi amfani da farar fitila mai caji, wadda ɗaukewar wuta ba za ta shafa ba, a gabanki ba a bayanki ba, ki kashe sauran fitilun ɗakin masu wani launi. Duk da haka kowace waya da yadda take nuna launi, shi ya sa ya kamata ki ɗauki hoton kowace lamba da rana a inuwa, ki tura wa mai kamu kafin ta biya. Daren da ya gabaci shirin ki yi gwaji na minti biyar daga asusunki na kanki, ki saita masu gani a kan Only me, sannan ki kalla: ana karanta katin, ana jin murya, launin ya yi daidai da na hannunki?

Lokacin da ya fi dacewa da matan gida da ma'aikata shi ne bayan sallar isha'i, kamar 8:30 na dare, an ci abinci an natsu. Kada ki sa shi inda kiran salla zai raba shi biyu. Kaduna gari ne na ma'aikata, don haka ranakun da albashi ya shiga sun fi tsakiyar wata. Ga kayan Sallah kuma, ki tuna teloli suna daina karɓar ɗinki da wuri, shirin da aka yi saura mako ɗaya ya makara. Ki yi shi saura mako biyar ko shida, in ƙaramar Sallah ce ma kafin a kama azumi, tunda dararen azumi na tarawihi da tafsiri ne. Ki fara sanarwa saura kwana uku a shafinki da kan status na WhatsApp, da sunan darasin da rana da lokaci, ki sake ranar da safe, ki sake saura minti 30. Tsofaffin kwastomominki goma ko sha biyar ki tura musu saƙo ɗaya-ɗaya da sunansu, su ne za su fara cika wurin su buɗe tambaya.

Bayan an kashe kyamara

A daren ki amsa duk wadda ta shigo WhatsApp, kafin sha'awa ta huce. Washegari ki sauke bidiyon a wayarki, domin tun watan Fabrairun 2025 Facebook yana goge bidiyon kai-tsaye bayan kwana 30. Ki yanko gwajin wuta da na kofuna, kowanne minti ɗaya, su zama tallar shiri na gaba.

Sannan ki zauna da littafin mataimakiya ki ga inda abin ya tsaya. Idan mutane kaɗan ne suka shigo, sanarwa ce ko lokaci. Idan sun shigo da yawa suka zube cikin mintunan farko, ki saurari muryar ki duba yadda kika buɗe. Idan sun zauna sun yi tambayoyi amma ba kamu, ko farashin ya fi ƙarfin masu bin shafinki, ko ba ki faɗi yadda ake saye a fili ba, sai ki ƙara masu sauƙin kuɗi a zagayen farko. Idan kuma an yi kamu goma aka biya uku, matsalar tana WhatsApp: jinkirin amsa, ko kuɗin aike da ya zo musu ba zato. Abu ɗaya za ki gyara a shiri na gaba, ki bar rana da lokacin yadda suke, domin ki gane ko gyaran ne ya yi aiki.